Farashin sammako ya kulle min kai, ku taimaka min da shawara

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon zance, kwana uku ke nan ban yi baccin kirki ba. Ni dai shekarata tara ina haɗa humra da turaren wuta, a hannun gwaggona na koya, wadda ta yi aure a Maiduguri, ita ce ta zaunar da ni ta nuna min yadda ake wanke farcen haɗa turare da yadda ake jiƙa itace, Allah ya jiƙanta. Da a gida nake yi, daga baya maigida ya kama min ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi. Kullum mata sai sun ce Anti ki koya mana, ni kuma ina jin nauyi, don na taɓa koya wa wata kyauta ta je ta buɗe shago a layinmu tana cewa nawa ba ya kama kaya, amma wannan zance ne na wata rana. To bana na ce bari in yi bita ta kwana biyu, Asabar 14 da Lahadi 15 ga wata mai kamawa. Na kama hol a wajen Zoo Road mai cin mutum 40, dubu 120 kwana biyun, na ba da dubu 40 kafin alƙalami. Wata ƙawata ta ce in saka farashi biyu, wanda ya biya da wuri dubu 15, wanda ya makara dubu 25, rangwamen ya ƙare ranar 10 ga wata. Yanzu kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Tazarar ta yi daidai? Ranar rufewar ta yi? Me zan ce wa wadda ta zo bayan ranar tana roƙo?

Ummu Sadik:
Wa alaikissalam. Ma sha Allah Maman Hanan, Allah ya sa albarka. Ni dai a saka ni a na dubu 15 ɗin, amma sai an yi albashi zan biya. Za a koya har da na tsuguno?

Malam Auwalu Farm Centre:
Hajiya, kafin kowa ya ce miki tazara ta yi ko ba ta yi ba, akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma shi ne gaba ɗaya maganar. Nawa kike kashewa a kan mutum ɗaya? Ina nufin abincinta, kayan haɗin da za ta taɓa da hannunta, kwalba, takarda, satifiket. Sannan ban da kuɗin hol, me za ki biya ko mutum biyar ne suka zo? Na yi bitar gyaran waya sau bakwai, ta farko da ta biyu duk da kuɗin aljihuna na cike, saboda na saka farashi kafin in yi wannan lissafin. Ki kawo lambobin tukuna.

Maman Hanan:
Malam na yi lissafi fa, ba haka kawai na tashi ba. Abinci da ruwa kwana biyu dubu 5 kowace mace. Kayan haɗi, wato farce, jawul, hawi, gabgab, sandal, turaruka da kwalabe, kamar dubu 6 kowacce, don ina so kowa ta tafi gida da abin da ta haɗa. Takarda da satifiket dubu 1. Dizal na ware dubu 40 don mai hol ya ce ba ruwansa da janareto. Fulaya da tallan Instagram dubu 30. 'Yan mata biyu da za su taya ni dubu 30. Kuma ai ko a dubu 15 ɗin akwai riba, tunda dubu 12 nake kashewa.

Malam Auwalu Farm Centre:
To nan ne gizo ke saƙar, Hajiya. Wannan dubu 3 ɗin da kike gani ba riba ba ce. Ita ce gudummawar da mace ɗaya ta bayar wajen biyan hol da dizal da talla da 'yan aiki, kuma waɗannan in kin haɗa su dubu 220 ne. Sai an gama biyan su kaf sannan a fara maganar riba.

Ki duba da kyau. Mai biyan dubu 15 ta bar miki dubu 3. Mai biyan dubu 25 ta bar miki dubu 13. Ke kuma kin bar ƙofar rangwame a buɗe har saura kwana huɗu a yi bita, ba ki kuma ce mutum nawa za su samu ba. Wace mace ce za ta ga dubu 15 a buɗe har ranar 10, ta zauna ta jira ta biya 25? Duk mai niyyar zuwa a cikin rangwamen za ta faɗo. Mu ɗauka hol ya cika maƙil, 35 sun biya na sammako, biyar sun biya cikakke. Na farkon sun bar miki dubu 105, na biyun dubu 65, jimla dubu 170. Kin cika hol, kin wuni biyu a tsaye kan garwashi, an yi hotuna kowa yana cewa ma sha Allah, ke kuma kin yi asarar dubu 50. Kuma wannan a ranar sa'a ke nan, da babu kujera ko ɗaya da ta zauna babu kowa.

Abin da mutane ba su gane ba, farashin sammako ba kyauta ake yi wa jama'a ba. Sayen abu kike yi da wannan ragin. Kina sayen kuɗi a hannu kafin ranar da mai hol zai kira ki, kina kuma sayen sanin yawan mutanen da za ki yi wa cefane. In ragin bai sayo miki ɗayan biyun nan ba, zubar da shi kika yi. Saboda haka ga yadda zan yi da ni ne. Cikakken farashi ya zauna a dubu 25, shi ne farashin bitar na gaskiya, shi za a rubuta da manyan baƙi. Na sammako ya zama dubu 20, ragin kashi ɗaya cikin biyar, ya isa ya motsa mutum amma bai yanka ki ba. Kuma a ɗaure shi da igiya biyu: mutum 15 na farko, ko kuma ranar rufewa, duk wanda ya riga zuwa. Sha biyar ɗin nan kowacce ta bar miki dubu 8, dubu 120 ke nan, kuɗin hol cif. Saura dubu 100, mutum takwas masu cikakken farashi sun rufe shi. Daga mutum na 24 duk abin da ya shigo naki ne. In hol ya cika kina da dubu 225.

Yaushe mai hol ya ce ki cika masa?

Maman Hanan:
Ranar Laraba 4 ga wata ya ce, in ban cika ba zai ba masu kamu. Amma Malam kai wayoyi kake koyarwa, maza ne ɗalibanka. Mata na nake magana, matan gida, wata sai ta roƙi miji, wata sai ta jira ɗaukar adashi. Dubu 20 za ta yi musu nauyi. Ni na san mutanena.

Malam Auwalu Farm Centre:
Kin gani ko? Mai hol yana son dubu 80 ranar 4, ke kuma kin ce wa mutane suna da lokaci har ranar 10. Mutanenmu kuwa a daren ƙarshe suke biya, a duk bitar da na yi mafi yawan alat a kwana biyun ƙarshe yake shigowa. Ke nan kuɗin zai zo bayan an ba masu kamu hol ɗin. Ranar rufe rangwame daga ranar da za ki biya babban kuɗi ake ƙirgo ta baya. Ki rufe Litinin 2 ga wata, ki bar wa kanki Talata ki bi waɗanda kuɗinsu ya maƙale, Laraba ki je ki cika. Kuma 2 ga wata ta yi wa masu jiran albashi daidai, in kika rufe 24 ko 25 ga wannan watan kin rufe musu ƙofa kafin kuɗi ya shigo hannunsu.

Maganar nauyi kuma, in dubu 20 ta fi ƙarfin mutanenki, to ba farashin sammako ne matsalar ba, bitar ce ta fi ƙarfinsu. Sai ki rage hol ko ki rage abinci.

Hajiya Mai Kek:
Ni wallahi duk wannan sammako da makara ban yarda da shi ba. Farashi ɗaya, wanda zai zo ya zo. Bara na yi ajin kek, na saka rangwame, ranar da na rufe sai ga wata da muka yi makaranta tare ta kira ni har da kuka wai ɗanta ne ba lafiya shi ya sa ba ta turo ba. Na karɓi na rangwamen. Ashe ta je ta faɗa wa ƙawayenta uku. Ranar aji ana cin abinci sai zance ya tashi, wadda ta biya cikakke ta ji ta kusa da ita ta biya rabi a rana ɗaya da ita. Wallahi a gaban mutane ta ce in mayar mata da cikon kuɗinta. Har yau ba ma gaisawa, kuma kwastomata ce ta shekara shida, kek ɗin sunan 'ya'yanta duk ni na yi. Sannan mai ɗaukar hoton da na ɗauka ma har yanzu bai ba ni rabin hotunan ba, wannan ma wani ciwon ne. Maman Hanan ki saka dubu 22 ga kowa ki huta.

Malam Auwalu Farm Centre:
Hajiya da girmanki, ba rangwamen ne ya cuce ki ba, ke ce kika karya ranar da kika saka da hannunki. Kuma in ta saka farashi ɗaya, me zai sa wata ta biya kafin ranar 4? Kowa sai ta ce sai na zo. A ƙofa za ta riƙa karɓar kuɗi, hol ɗin kuma ya riga ya tafi.

Hajiya Mai Kek:
Kai namiji ne Malam, ba ka san yadda ake cewa a'a ga wadda kuka haɗu a gidan suna jiya ba. Faɗa da baki ai sauƙi gare shi.

Anti Bilki:
Ku bar ni in shigo, ni ma harkar ƙamshi nake, ko da yake na daina koyarwa. Lissafin Malam daidai ne, ba ni da ja. Amma akwai rana ta biyu da bai ambata ba, don a wajensa in mutum ya ƙaru kujera ɗaya kawai zai jawo. Ke ba haka ba ne. Farce ba ranar bita ake sayo shi ba, sai an jiƙa, an kankare, an wanke, ya bushe, sannan a soya a daka. In kika bar rajista a buɗe har safiyar Asabar, mutum goma suka faɗo miki ranar Juma'a, me za ki ba su? Saboda haka ranar 10 ɗin nan da kika saka kar ki jefar da ita, ki mai da ita ranar rufe rajista gaba ɗaya. Washegari Laraba ki shiga Kurmi da adadin mutanenki a hannu, ki kuma gaya wa mai abinci kwano nawa. Ki ƙara kayan mutum biyu ko uku don ko-ta-kwana, shi ke nan.

Sai maganar su Ummu Sadik, kar ki ji haushi ƙanwata, da ke zan yi misali. “A saka ni” ba rajista ba ce. Kujerar sammako ta wadda kuɗinta ya shigo ce. In kika fara rubuta sunaye da baki, sha biyar ɗin za su cika a takarda, asusu kuma babu komai. Abin da nake yi wa masu jiran adashi shi ne, ta ba da rabi kafin ranar rufewa, wannan ya kama mata farashin, ta cika kafin ranar 10. In ba ta cika ba ta koma cikakken farashi. Kuma tun farko nake rubutawa ba a mayar da kuɗi, amma tana iya turo ƙanwarta ko 'yarta a madadinta. Wannan ya raba ni da rigima da yawa.

Malam Auwalu Farm Centre:
Rabin nan ban goyi baya ba, Anti. Sha biyar sun ba da dubu goma-goma, dubu 150, ya biya hol, na yarda. Amma daga nan ta zama mai bin bashi, ta bar wanke farce tana kiran waya. Ni cikakke ko babu.

Anti Bilki:
To ai ba duka ne za su ba da rabi ba, Malam. Kuma wadda ta riga ta saka dubu goma da wuya ta bar ta. A bita huɗu mutum biyu ne kawai suka gudu min.

Abu Khadija:
Tambaya ce da ni, a gafarce ni in na fita daga layi. Abu ɗaya a sayar da shi farashi biyu, ba ya shiga cikin hanin ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya da ya zo a hadisi? Ina ganin a tuntuɓi malamai kafin a ci gaba.

Anti Bilki:
Yadda aka karantar da mu, abin da aka hana shi ne a rabu ba a tsayar da farashi ɗaya ba. Nan kuwa a ranar da mace za ta biya farashi ɗaya ne a gabanta, ta san shi, ta yarda. Kamar tumatir ne, na kaka daban na bazara daban. Amma ni ba malama ba ce, ya tambaya ɗin ba laifi.

Maman Hanan:
Na gode muku duka, amma akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Fulayar ta riga ta fita tun ranar Lahadi, na saka a sitatus, ƙawayena ma sun saka. Dubu 15 har ranar 10 ne a rubuce. Mutum shida sun riga sun biya, kuɗin ma na taɓa shi, na sayo farce da sandal don na ji ana cewa za su tashi. Sannan akwai kujera uku da ba zan karɓi kuɗi ba, ƙanwar maigida, 'yar gwaggona da ta koya min, da 'yar maƙociyata marainiya. Waɗannan ba maganar kasuwanci ba ce, don Allah kar a ce in cire su.

Malam Auwalu Farm Centre:
Innalillahi. Hajiya ai da wannan za ki fara, mun yi ta gini a kan fegin da ba shi ba. To mu sake.

Ba wanda ya ce ki cire ukun, alheri ne, amma alheri ma yana da farashi kuma sai an rubuta shi. Za su ci abinci, za su haɗa turare, dubu 36 ke nan. Nauyinki ya tashi daga dubu 220 zuwa dubu 256, kujerun sayarwa kuma sun sauko 37. Shida da suka biya, sun biya, kar ki nemi ko kwabo a wajensu. Sun bar miki dubu 18.

Yanzu in kika bar fulayar nan yadda take, a ce 30 sun shiga a dubu 15, bakwai sun biya cikakke, kin tashi da dubu 181. Asarar dubu 75 ke nan da hol a cike. In kuwa yau ɗin nan kika sanar cewa kujerun dubu 15 sun ƙare, kika buɗe kujera goma a dubu 20 zuwa ranar 2, sauran a dubu 25, to kina buƙatar mutum 13 masu cikakken farashi kafin ki fita daga rami. In hol ya cika ki samu dubu 115. Ba dubu 225 ɗin da muka faɗa ba ce, amma ta fi asara.

Kuma ki lura da wani tarko. Dubu 90 ɗin da kika karɓa kina ganin ta kamar kuɗinki ne, alhali dubu 72 a cikinta abinci da kayan mutum shidan nan ne. Duk lokacin da kika ga alat na shigowa da yawa a farashi mai arha, zuciya za ta ce kasuwa ta buɗe. Alamar da za ki gane rangwame ya yi zurfi ita ce wannan ɗin, mutum shida cikin kwana uku, tun ba ki fara tallan kuɗi ba. Da dubu 20 ce ma da yawansu za su biya.

Hajiya Mai Kek:
A'a Malam, nan kam ka kauce. Ta rubuta har ranar 10, mutane sun gani, wasu sun ajiye hoton fulayar a wayarsu suna jiran albashi. Yau ta tashi ta ce ya ƙare? Ɗazu kai ne kake min faɗan karya rana. In tsawaita rana karya alƙawari ne, gajarta ta ma karya alƙawari ne, har ya fi muni. Garin nan ƙarami ne a wajen mata, sunanta zai zaga kafin Magariba.

Malam Auwalu Farm Centre:
Sunan da zai zaga in ta kasa biyan mai abinci fa? Hajiya Maman Hanan, ba ki rubuta komai game da yawan kujeru a fulayar ba?

Maman Hanan:
Yaron da ya yi min ya saka “kujeru kaɗan ne” a ƙasa da ƙananan baƙi. Amma ni ban yi nufin na rangwamen ba, hol ɗin nake nufi.

Malam Auwalu Farm Centre:
To ga ƙofa nan Allah ya buɗe miki.

Anti Bilki:
Wannan ƙofar ta ɓarayi ce Malam, tunda ita da bakinta ta ce ba haka ta nufa ba. Ni abin da nake gani, ta fito fili ta faɗi gaskiya. Ta rubuta cewa ta sake lissafin kaya ta ga dubu 15 ba za ta ɗauki kowa ba, saboda haka ta ba da sanarwar kwana biyu, ko cikon mutum goma, duk wanda ya riga. Wadda take jira ta samu dama, ba a yi mata ba-zata ba. Mata suna yafe wa wadda ta ce na yi kuskure, wadda ta ɓuya bayan ƙananan baƙi ce ba sa yafe wa. Ƙarin mutum huɗun nan dubu 20 ce za ta rasa idan aka kwatanta da farashin tsakiya, ta ɗauka kuɗin makaranta ta biya.

Sannan abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, ƙarfe nawa ake rufewa? Kar ki rubuta rana kawai. Ki ce ƙarfe 9 na dare, lokacin kina farke kina iya duba waya. In kika ce sha biyun dare, da asuba za ki tarar da saƙonni wai na tura netwok ne ya riƙe. Ki rubuta cewa lokacin da ke jikin rasit ake dubawa, amma ba a rubuta suna sai kuɗin ya shigo asusunki kin gani da idonki. Hoton rasit kaɗai ba kuɗi ba ne, an taɓa turo min wanda aka gyara. Kuma ƙarfe tara da minti ɗaya ki sauke tsohuwar fulaya ki ɗora sabuwa, har ƙawayenki da suka saka su ma su sauya, in ba haka ba mako guda ana turo miki tsohon farashi.

Sadiya Kabuga:
Anti Maman Hanan ki buɗe shafin biya a Paystack kawai, in lokaci ya yi ki kashe na rangwamen, ba mai roƙon ki, sai ki ce na'ura ce ta rufe. Suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, a dubu 20 naira 400 ke nan. Ni da shi nake ajin zanen lalle.

Hajiya Mai Kek:
'Yar nan, matan da take magana rabinsu wajen mai POS za su je su tura, wasu ma yaro za su aiko shago da kuɗin a ƙulle a leda. Wace na'ura? Kuma wadda ta san gidanki ba na'ura za ta roƙa ba.

Maman Hanan:
Ni fa gaskiya ban ga laifin dubu 15 ɗin ba kamar yadda ake ta faɗa. Wannan ce bitata ta farko, suna nake nema. Ko ban ci riba ba, matan nan a wajena za su riƙa sayen farce da turaruka daga baya, wannan ba ya cikin lissafin Malam. Kuma ƙawar tawa da ta ba ni shawarar ta yi nata a haka hol ya cika har waje.

Malam Auwalu Farm Centre:
Kin tambaye ta nawa ta tashi da shi bayan ta sallami kowa? Cikar hol kowa ya gani, littafin ne ba a nunawa. In suna kike saye, babu laifi, amma ki faɗi nawa kika yarda ki saye shi. Ki ce na yarda in yi asarar dubu 30, sai mu ƙirga kujerun rangwame nawa ne suka yi daidai da haka. Abin da ba a yi shi ne a bar ƙofa a buɗe a ce Allah ya kawo. Kuma ki tuna, wadda ta shiga a dubu 15 bana, ita ce za ta gaya wa ƙanwarta kar ta yarda ta biya fiye da haka a bita ta biyu. Maganar za su sayi kaya a wajenki kuma, Kurmi ba ta ƙaura ba, ke da kanki za ki koya musu sunayen kayan.

Anti Bilki:
A nan kam tana da 'yar gaskiya Malam, ɗalibaina na da har yau wasu a wajena suke sayen haɗaɗɗen farce, don wanke shi wahala ne. Sai dai a hankali yake zuwa, ba zai biya hol ranar Laraba ba.

Maman Hanan:
To zan yi magana da maigida in ya dawo daga kasuwa, don shi ya ba da kafin alƙalamin. Amma ni dai kunyar sauya fulayar nan nake ji wallahi. Ko in rage abincin ne, a yi shayi da cincin kawai ranar farko? Ko in ce kowa ta zo da kwalabenta? Yanzu ma ina rubutun nan wasu biyu sun turo dubu sha biyar-biyar, sun zama takwas.

Malam Auwalu Farm Centre:
Takwas. Hajiya ki sauke fulayar nan daga sitatus tukuna, ko me za ki yanke daga baya.

Hajiya Mai Kek:
Kar ki taɓa abincin, da shi ake tuna aji. Ni wancan ajin nawa har yau shinkafar ake zance.

Ummu Sadik:
Ni ban gane ba, karatun ya yi yawa. Har yanzu dubu 15 ɗin ne ko an ƙara? Maman Hanan turo min lambar asusun, maƙociyata ma ta ce a saka ta.